Kwamfutar Baba: yaya zan saita ta ta riƙa yi masa magana?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu tsohon hedimasta ne, hawan jinin ido ya cinye masa gani, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Kafin lalurar shi yake buga wa ƙungiyar 'yan fanshonsu wasiƙu, kuma yana buga rubutu ba tare da ya kalli madannai ba. Laftof ɗinsa tana nan a ajiye, Windows 11 ce a kai. An ce min akwai manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke kan allo. Wacce zan sa masa, kuma ta ina zan fara? Sati biyu kawai zan yi a gida, ina so kafin in koma ya iya kunnawa ya yi aikinsa shi kaɗai.

Kawu Iro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ki shiga saitin ki kunna TalkBack, shi ke nan. Maƙwabcina da shi yake amfani, har kiran waya yake yi da kansa.

Bash Injiniya: Kawu, wannan na wayar Android ne, ita kuma kwamfuta take magana. Hajiya, ba sai kin sauke komai ba. Ki danna `Win+Ctrl+Enter`, Narrator zai tashi, a cikin Windows yake. In kuma babba kike so, JAWS ne, ki kawo ta shago in sa miki.

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam. Ni makaho ne, kuma da irin wannan manhajar nake karanta saƙonninku yanzu haka, don haka bari in sa baki. Bash ya yi gaskiya a kan Narrator, ki riƙe waɗannan maɓallan uku da kyau, za su yi miki rana. Amma JAWS na kuɗi ne. In ba a saya ba minti 40 yake yi ya tsaya sai an sake kunna kwamfutar. Wanda ake sa wa mutane a kasuwa kuwa fasasshe ne, ranar da Windows ya sabunta kansa ya ƙi tashi, dattijo yana zaune gaban kwamfutar da ta yi gum, ke kuma kina wani gari.

Ki sa masa NVDA. Kyauta ne, wata ƙungiya ce a Ostireliya mai suna NV Access take yin sa, kuma waɗanda suka kafa ta su ma makafi ne. Ki sauke shi daga nvaccess.org, kada ki karɓa a filashin kowa. Ba shi da nauyi, ba zai ci miki data ba.

Bash Injiniya: Malam, ni fa ban taɓa samun wanda ya dawo min da ƙorafi ba.

Malam Auwalu: Wanda kwamfutarsa ta daina magana ba shagonka zai fara tunawa ba, Bash, ajiye ta zai yi a ƙarƙashin gado. Mu bar wannan.

Maman Ilham: Na sauke, Malam. Da na buɗe sai ya fara magana da kansa, ya kawo min zaɓi, akwai Install NVDA on this computer, akwai Create portable copy. Wanne?

Malam Auwalu: Na farkon. Na biyun na ɗorawa a filashi ne, don in mutum zai yi aiki a kwamfutar wani. Matsalarsa ba ya karanta allon shiga, inda ake sa lambar sirri, kuma ba ya karanta tambayar nan da Windows ke yi in wata manhaja tana neman izini, wadda allo ke dusashewa. A wurare biyun nan makaho ya fi maƙalewa.

In kin danna Install za ki ga akwati mai rubutu Use NVDA during sign-in. Ki tabbata da alama a cikinsa. Shi ne zai sa Baba ya ji murya tun kafin ya sa lambar sirrinsa. Bayan ya gama, wani allon maraba zai fito, abu uku za ki taɓa a nan. A Keyboard layout ki zaɓi laptop. Ki sa alama a Use CapsLock as an NVDA modifier key. Ki sa alama a Start NVDA after I sign in.

Dalilin Caps Lock ɗin shi ne kusan duk umarnin NVDA sai an riƙe wani maɓalli guda an haɗa shi da wani. A asali Insert ne wannan maɓallin. To a laftof da yawa Insert ɗan ƙarami ne a can saman dama, wani lokaci ma sai an haɗa da Fn kafin ya yi aiki. Caps Lock kuwa babba ne, yana ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, Baba ya san wurinsa tun zamanin tafireta. In yana son manyan baƙaƙe sai ya danna shi sau biyu da sauri, zai yi aikinsa na da. Daga yanzu duk inda na rubuta NVDA a cikin umarni, Caps Lock nake nufi.

Sadiya G.: Ni Insert nake amfani da shi kuma ban ga laifinsa ba. Mijina ne mai lalurar, tare muke amfani da kwamfuta ɗaya, da aka mayar Caps Lock ni ce na riƙa rikicewa.

Malam Auwalu: Taku ta haɗaka ce, kuma ina jin babba ce ta tebur mai cikakkun madannai. Ta Baba tasa ce shi kaɗai.

Sadiya G.: Haka ne, ta tebur ce.

Maman Ilham: An gama, yana magana! Amma Baba ya ce wannan Baturiyar sauri take yi kamar ana korar ta, ba ya kama komai. Kuma duk inda na motsa linzami sai ta hau surutu.

Malam Auwalu: Madalla. Ki danna `NVDA+Ctrl+V`, saitin murya zai buɗe. Akwai Rate, shi ne saurin. Ki rage shi sosai, ki sa Baba ya saurara har ya ce ya yi masa. Kada ki zaɓa masa da kunnenki. Da kansa zai nemi a ƙara nan gaba, kunne yana sabawa. Ni in kika ji saurin tawa za ki ce ba magana ba ce. In kin daidaita, ki danna `NVDA+Ctrl+C` ki adana saitin. Sannan ki danna `NVDA+N`, ki shiga Preferences, Settings, General, akwai wani maɓalli da ya fara da Use currently saved settings during sign-in, ki danna shi. In ba ki yi ba, allon shiga zai ci gaba da tsohon saurin ko da kin gyara na ciki.

Surutun kuwa, `Ctrl` shi kaɗai yana sa ta yi shiru nan take. Shi za ki fara koya masa kafin komai. Mutum in ya san zai iya rufe mata baki duk lokacin da ya so, tsoron abin yana fita daga ransa.

Linzami kuma ki cire shi ki ajiye. Ki kashe faifan taɓawar nan na gaban madannai ma, yana Settings, Bluetooth & devices, Touchpad. Tafin hannunsa zai riƙa gogar wurin yana cikin rubutu, ya tsinci kansa a wani layi ko wata manhaja bai san yadda aka yi ba.

Bash Injiniya: In ta kashe shi ita da me za ta yi aiki in abu ya lalace?

Malam Auwalu: Ta maƙala linzamin waje, minti ɗaya ne. Amma gara ma ta koyi yi da madannai, don ranar da Baba ya kira ta a waya ya ce abu ya tsaya, ba za ta ce masa ya danna shuɗin akwatin da ke gefen dama ba.

Maman Ilham, ga yadda zan so ki yi kwanakin farko. Ki danna `NVDA+1`. Wannan yanayin koyo ne, duk maɓallin da ya taɓa za a faɗa masa sunansa da aikinsa, amma ba abin da zai faru. Ki bar shi ya yi ta lalube har ya gane inda Tab yake, da Alt, da Escape, da kibiyoyi huɗu. In ya gaji, `NVDA+1` kuma ya fita. Baƙaƙe ya riga ya sani, na gefe-gefen ne baƙinsa, tunda da ido yake nemo su a da.

Bayan nan abu kaɗan za ki ba shi, kada ki cika masa kai. `NVDA+T` zai faɗa masa a wace manhaja yake, shi ne abin da zai danna duk lokacin da ya ɓata. `Alt+Tab` ya kai shi wata. Kibiyar sama da ta ƙasa su karanta layi-layi. `NVDA+A` ya karanta takarda daga inda yake har ƙarshe. Da waɗannan zai buɗe Word ya rubuta wasiƙa ya saurari abin da ya rubuta. Intanet ki bar shi sai sati na biyu.

Kuma in kina koya masa, ki danna `NVDA+Ctrl+Escape`, allon zai yi baƙi ƙirin amma komai yana aiki. Ke ma ki zauna a duhun tare da shi. Muddin kina gani, hannunki zai riƙa kai masa ɗauki ba ki sani ba, ranar da kika tafi sai a ga ashe bai iya ba.

Zainabu Damagaram: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ƙanena ne ba ya ji, ciwon sanƙarau ya taɓa mishi kunne yana ɗan shekara 12. Yana karatu da Faransanci, darussa da yawa bidiyo ne. Wannan NVDA ɗin zai rubuta mishi abin da ake faɗi?

Malam Auwalu: A'a 'yar uwa, nawa rubutu yake mayarwa magana, ke kuma akasin haka kike nema. Wannan ba fagena ba ne. Malama Nafisa tana nan?

Malama Nafisa: Ina nan, Malam. Zainabu, fara duba wace Windows ce. Danna `Win+R`, rubuta wannan, ki danna Enter:

```
winver
```

In kin ga Windows 11 kuma sigar 22H2 ce ko wadda ta biyo bayanta, danna `Win+Ctrl+L`. Live captions zai buɗe. Karon farko zai nemi ya sauke fayil ɗin harshe, a nan kaɗai yake buƙatar intanet, daga baya ko babu data yana aiki. Duk sautin da ya fito daga kwamfutar zai riƙa rubuta shi a wani zirin allo, bidiyo ne ko kira ne ko rediyo. Akwai Faransanci a cikin harsunan, ki zaɓe shi a alamar saitin da ke jikin zirin. A nan kuma za ki zaɓi inda zirin zai zauna, ni na fi son ƙasan allo don ido ya riƙa ganin bakin mai magana da rubutun kusa da juna. Girman rubutu da launinsa suna Settings, Accessibility, Captions. Fari ko rawaya a kan baƙi ya fi karantuwa.

Zainabu Damagaram: Na duba, Windows 10 ce.

Malama Nafisa: To babu shi a can. Amma Chrome yana da nasa. Rubuta wannan a wurin adireshi, ki kunna Live Caption, ki ƙara Faransanci a harsunan:

```
chrome://settings/accessibility
```

Iyakarsa abin da ake kunnawa a cikin Chrome ɗin. A YouTube kuma harafin `C` yana kunna rubutun bidiyon in akwai shi. Wanda mutum ya zauna ya rubuta da hannu ya fi wanda na'ura ta ƙago nesa ba kusa ba, don haka in bidiyo yana da nasa, shi za ki fifita.

Bash Injiniya: Ai Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025. Ki ɗaga ta zuwa 11 kawai ki huta.

Malama Nafisa: In kwamfutar za ta ɗauka. Tsofaffi da yawa ba sa cika sharuɗɗan.

Zainabu Damagaram: To in muna hira a gida da Hausa fa? Na ji an ce yana iya ɗaukar maganar ɗaki.

Malama Nafisa: Na Windows 11 yana da Include microphone audio, yana ɗaukar maganar ɗaki, amma ba ya jin Hausa. In kuka yi Hausa zai yi shiru, ko ya ƙaƙalo kalmomin Faransanci masu kama da sautin ya jera, ƙanenki ya karanta shirme ya ɗauka abin da kuka ce ke nan. Wannan ya fi shirun muni. Ko da Faransancin ne, in mutum biyu suka yi magana lokaci ɗaya, ko fanka tana kaɗawa, ko janareta yana ruri, kuskure yake yi sosai, musamman a sunayen mutane da lambobi. Ki gaya masa tun farko kada ya dogara da shi a kan ranar jarrabawa ko adadin kuɗi, ya nemi a rubuta masa.

Ƙanenki ya yi sa'a ɗaya, ya iya karatu kafin kunnen ya tafi. Yaran da nake koyarwa da yawa da kurumta aka haife su, maganar hannu ce harshensu na farko, rubutun da ke gudu a allo wahala yake ba su. Iyaye su kunna musu wannan su ce an gama, alhali ba a fara ba. Ku ma a gida ku koyi maganar hannu ko kaɗan ne, hirar tsakar gida ba kwamfuta za ta ɗauke muku ita ba.

Kawu Iro: To finafinan Hausa da ake rubutu a ƙasa fa, ba na'ura ce take yi ba?

Malama Nafisa: Mutane ne suke zama su rubuta, Kawu. Wani a jikin hoton yake, wani kuma fayil ne daban mai ƙarewa da `.srt`. Zainabu, in kin samu darasi da irin wannan fayil, ki ajiye su a jaka ɗaya da suna iri ɗaya, VLC zai ɗauka da kansa:

```
darasi1.mp4
darasi1.srt
```

In rubutun yana riga maganar ko yana makara, `G` da `H` suna matsar da shi kaɗan-kaɗan.

Maman Ilham: Na dawo, Malam Auwalu. Baba ya rubuta wasiƙarsa ta farko da Turanci jiya, har ya kama kuskurensa biyu da kunne. Amma da ya buga Hausa sai dariya ta kama shi. Muryar tana karanta ta kamar Baturen da ya sauka yau, in ta zo kan ƙ ko ɗ kuma sai ta tsallake ko ta faɗi wani abu daban. Babu muryar Hausa ne?

Malam Auwalu: Nan ne inda yake mana ciwo. Na bi jerin muryoyin da ke zuwa da Windows da na cikin NVDA, ban samu Hausa ba. Dabara muke yi. Danna `NVDA+Ctrl+S`, ki zaɓi eSpeak NG. Sai ki koma `NVDA+Ctrl+V`, a Voice ki nemo Swahili. Muryar ba daɗi, kamar ana magana ta cikin gwangwani, amma wasulan Suwahili biyar ne irin namu kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗinsu, don haka “ina kwana” zai fito “ina kwana”. Karin sauti da tsawon wasali babu, kunne ne zai cike.

Baƙaƙe masu lanƙwasa kuma ƙamus za ki yi musu. `NVDA+N`, Preferences, Speech dictionaries, Voice dictionary, sai Add. A Pattern ki sa ƙ, a Replacement ki sa k, a Type ki bar Anywhere. Ki maimaita wa ɗ da ɓ. Ki ƙara ɗaya, c ta koma ch, don Suwahili da ch suke rubuta wannan sautin, in ba haka ba “ciki” ba zai fito daidai ba. Na ce Voice dictionary ne ba Default ba saboda gyaran ya tsaya a kan wannan muryar kaɗai. In kika sa a Default, ranar da ya koma muryar Turanci duk c ɗin Turanci ta lalace.

Sadiya G.: Mu mun gwada wannan Suwahilin, maigida ya ce ciwon kai yake sa shi. Ya gwammace Baturiyar, ya ce ya riga ya haddace yadda take karya kalmomin. Kuma in aka mayar da ɗ ta zama d, yaya zai bambance “fada” da “faɗa” in yana gyaran rubutu?

Malam Auwalu: Tambaya mai kyau. A karatun jimla ma'ana ce za ta raba masa. In yana shakka sai ya bi kalmar harafi-harafi da kibiyar dama. Za a iya ba harafin suna ma a Punctuation/symbol pronunciation, a ƙara ɗ a ce a riƙa kiransa “da mai lanƙwasa”, a sa Level a character. Zancen daɗin murya kuwa ba zan yi musu da maigidanki ba, cikin abokaina ma mun rabu biyu. A kunna wa Baba duka ya zaɓa.

Maman Ilham: Ya saurari duka biyun, ya ce a bar masa Suwahilin tukuna, amma wai in ya ji an yi ta Hausa ko nawa ce zai saya. Wata matsalar kuma: yau da safe ya kunna, shiru. Ya zauna kusan awa yana jira in tashi. Da na duba, komai lafiya, sautin ne a kashe.

Bash Injiniya: Layin sama ne. A laftof da yawa F1 zuwa F12 an ɗora musu kashe sauti da ƙara haske da sauransu. Yana lalube ya taɓa na kashe sauti. Gwada `Fn+Esc`, a wasu yana kulle layin ya koma F na asali. In bai yi ba sai an shiga BIOS, wato saitin can cikin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi.

Malam Auwalu: A nan Bash ya fi ni sani. Abin da zan ƙara, ki ɗiga wani abu mai tudu a kan maɓallin kashe sautin da na ƙara shi, ko ɗigon man farce ne ya bushe, yadda yatsa zai gane su. Sannan ki koya masa abin da zai yi in ya ji shiru, a jere. Ya fara taɓa jikin kwamfutar ya ji ko tana kunne, ya zare abin kunne in yana jiki. Ya danna maɓallin sautin, ya ƙara. In shiru, `Ctrl+Alt+N`, wannan yana tayar da NVDA ko ya sake tayar da shi in ya sandare. In har yanzu shiru, `Win+Ctrl+Enter` na Bash. In Narrator ya yi magana, sauti lafiya, NVDA ne da matsala. In shi ma bai yi ba, matsalar sauti ce ko kwamfutar ba ta tashi ba, sai a nemi mai ido. Ya tuna ya kashe Narrator da maɓallan nan dai in NVDA ya dawo, in ba haka ba su biyu za su riƙa magana a tare.

Akwai kuma `NVDA+S`. Yana sauya yanayin magana, ɗaya daga ciki shiru ne gaba ɗaya, kuma S tana maƙwabtaka da A da yake dannawa kullum. In ya yi kuskuren taɓa shi, ya ci gaba da dannawa har ya ji ta ce talk.

Maman Ilham: Wallahi ina jin wannan ma ya faru shekaranjiya, na rasa dalili na sake kunna kwamfutar. Zan karanta masa matakan a waya in yi rikodin ya riƙa saurara. `Fn+Esc` bai yi a tamu ba, Bash.

Bash Injiniya: Turo min sunan samfurin, yana rubuce a ƙarƙashinta.

Zainabu Damagaram: Malama Nafisa, na Chrome ya yi, yana ta kallon darasi tun ɗazu. Sai dai ya ce in malamin ya juya yana rubutu a allo yana magana, rubutun sai ya rikice. Akwai gyara?

Malama Nafisa: In muryar ce ta yi nisa da makirufo lokacin ɗauka, daga wajenku babu abin yi. Ya rubuta mintin da abin ya faru, ke ki saurara ki cike masa.

Maman Ilham: Malam Auwalu, saura kwana biyar in tafi. Baba yana tambaya yaushe za a shiga intanet, wai yana son ya karanta jarida da kansa.

Malam Auwalu: Gobe in Allah ya kai mu. Yau ki sa ya kashe ta ya kunna, ya sa lambar sirri, ya buɗe wasiƙarsa, ke kina ɗaya ɗakin. In ya yi ba tare da ya kira ki ba, ki faɗa min, sai mu fara da harafin `H`, shi ke tsallaka mutum daga kanun labari zuwa na gaba.